Sauya suna bai ɓoye ɗalibata ba

A cikin ayyukan da aka ba mu a kwas ɗin difilomar koyarwa akwai rubuta nazari a kan ɗalibi guda ɗaya mai wata matsala, tare da sharaɗin kada a bayyana ko wane ne. Na zaɓi wata yarinya ta aji biyar a firamaren da nake koyarwa, wadda fashin makaranta ya zame mata jiki. Tattara bayanai bai ba ni wahala ba, domin rajista tana hannuna, hedimasta ya amince, kakar yarinyar kuma ta karɓe ni hannu bibbiyu. Wahalar ta ɓullo ne a wajen rubutu, kuma har yau idan na tuna raina yakan ɗan ɓaci, saboda an koya mana cewa a sauya suna a cire sunan makaranta, kamar dai daga nan magana ta ƙare. Abin da zan faɗa a nan game da yarinyar ma na sake sauya masa kama, don haka kada wani ya wahalar da kansa wajen neman ta.

Rajistarmu sau biyu ake kiran ta a rana, da safe da kuma bayan tara, saboda haka zangon da aka yi kwana 60 ana karatu yana da gurbi 120 ga kowane ɗalibi. Yarinyar ta rasa 34 daga ciki, wato sama da kashi ɗaya bisa huɗu. Da na jera ranakun a takarda sai na ga fashin iri biyu ne. Akwai na rana ɗaya da ke maimaituwa kowane mako, wanda ya dace da ranar kasuwar garin, akwai kuma na kwana uku ko huɗu a jere da ke zuwa jefi-jefi. Hira da kakarta ta warware mini duka biyun: ranar kasuwa yarinyar ce ke ɗaukar talla, kwanakin da ke jere kuwa lokutan da ciwon ƙaninta ke tashi ne, kaka ta tafi jinya asibiti, ita kuma ta zauna da sauran yara. Daga bakin yarinyar na ji dalili na uku wanda rajista ba za ta taɓa nunawa ba. Ta ce idan ta makara saboda ɗiban ruwa, ta hango malamin da ke tsaron ƙofa da bulala, sai ta juya gida.

Na rubuta duk wannan, na kira ta Ɗaliba A, na ce makarantar tana wani gari a ƙaramar hukumarmu, na kai aka buga aka ɗaure. Kafin in miƙa sai na ba wata abokiyar aikina ta duba mini kurakuran rubutu. Ba ta gama shafi na biyu ba ta ɗago kai ta ce, “Malama, ai wannan jikar mai ƙosan bakin asibiti ce.” Ba ta ma taɓa koyar da ajin ba. Jikina ya yi sanyi, domin shafi biyu gaba da inda ta tsaya akwai maganar da yarinyar ta yi a kan mai bulala, wanda muke zama da shi a ofis ɗaya, akwai kuma ƙorafin kakar a kan wani ɗan'uwan mahaifin yaran da ya yi watsi da su. Na yi musu alkawarin ba wanda zai san daga bakinsu maganar ta fito, ga shi kuma mutum na farko da ya karanta ya gane su.

Da na zauna na sake bin sakin layin da ya tona asirin, ban sami jimla ɗaya da za a ce ita ce mai laifi ba. Na ce marainiya ce, marayu kuma suna da yawa. Na ce kakarta ke riƙon ta, wannan ma ba baƙon abu ba ne. Na ambaci sana'ar kakar da wurin da take zama, na kuma faɗi sunan ciwon ƙanin. Haɗuwarsu a wuri guda ce ta zama kamar an rubuta sunanta da na ubanta. Daga nan na ɓullo da wata hanyar gwaji wadda ita ce babbar ribar da na samu a aikin: bayan kowane bayani da na rubuta sai in tambayi kaina, yara nawa ne a ajin wannan siffa ta dace da su har yanzu? Ajin yana da ɗalibai sama da saba'in. Da na ce mace ce, sai aka koma wajen talatin. Da na ce ba iyayenta ke riƙon ta ba, sai aka koma shida ko bakwai. Da na ce kakar ƙosai take soyawa, saura biyu, ambaton bakin asibiti kuma ya bar ta ita kaɗai. Duk bayanin da ya sauko da adadin ƙasa da biyar, na ɗauke shi a matsayin wanda sai an gyara ko an cire.

Gyaran ne ya fi cin rai, saboda abin da ke fallasa yarinyar shi ne kuma ainihin abin da nazarin ke son bayyanawa. Idan na share dalilan fashin, takarda ce kawai za ta rage babu nazari a cikinta. Sai na raba bayanan gida biyu, waɗanda hujjata ta dogara da su da waɗanda ado ne kawai. Cewa mace ce ya zauna, domin talla da rainon ƙanne a kan 'ya mace suka fi faɗawa, kuma mayar da ita namiji zai zama ƙarya da za ta ɓata sakamakon. Fashin mako-mako ya zauna, amma na cire sunan ranar na rubuta “ranar kasuwar garin”, tun da duk wanda ya san ƙaramar hukumar, da ya ji ranar ya san garin. Ƙosai da bakin asibiti suka koma “ƙaramar sana'ar abinci”. Kaka ta koma “wata dattijuwa 'yar'uwarta da ke riƙon ta”, labarin rasuwar mahaifin kuma na cire shi gaba ɗaya, domin ban yi amfani da shi wajen kafa wata hujja ba, tausayi kawai yake jawowa. Sunan ciwon ya koma “rashin lafiya mai yawan dawowa da wani yaro a gidan ke fama da ita”, wanda ya isa ya bayyana kwanakin da ke jere. Adadin fashin ma na daina ba shi daidai wa daida, na ce tsakanin kashi 25 da 30 cikin ɗari, saboda duk mai iya buɗe rajista zai iya neman wadda ta rasa 34 cif.

Malamin da ke duba aikina bai ji daɗin wannan ba da farko. Ya ce nazarin ya rasa armashi, kuma yana da gaskiya, rubutun farko ya fi daɗin karatu. Abin da ya daidaita mu shi ne sakin layi ɗaya da na ƙara a babin hanyar bincike, inda na faɗa ƙarara cewa an faɗaɗa wasu bayanai, an cire wasu domin kare ɗalibar, amma ba a ƙirƙiri komai ba kuma ba a juya wani abu da sakamakon ya dogara da shi ba. A ganina nan ne iyakar take: a rage kaifin gaskiya ya halatta, a ƙaga abin da bai faru ba kuwa ya fita daga nazari. Na kuma tuna masa cewa Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma nemi a sami yardar iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro. Yardar da kakar ta ba ni a kan jikarta ce da makarantarta, ban taɓa tambayar ta ko zan iya rubuta sunan ciwon ƙanin ba.

Maganar mai bulala ita ce ta hana ni barci. Ko da an ɓoye yarinyar daga baƙo, wanda ke cikin makarantar zai iya kintata, kuma shi ne mai iya cutar da ita. Na cire maganar daga bakinta, na mayar da ita abin da na lura da shi da idona, cewa wasu ɗaliban da suka makara sukan juya daga ƙofa saboda tsoron horo, wanda kuma gaskiya ne, na sha gani. Ƙorafin kakar a kan ɗan'uwan nan na bar shi a littafina. Sauran kalamanta na taƙaita su da nawa lafazin, domin tana da wata sara da take maimaitawa wadda duk unguwar ta san ta da ita.

Bayan wannan sai na fara ganin ɓarakar a wuraren da ban taɓa kallo ba. A shafin godiya na ambaci hedimasta da cikakken sunansa, wanda ya isa a gane makarantar. A rataye na liƙa hoton shafin rajista, na rufe sunanta da biro, amma sunayen da ke sama da ƙasa da nata suna nan, kowa kuma ya san jerin. Takardar yardar da na karanta wa kakar da Hausa ta dangwala hannu, ita ma na sa ta a rataye da sunanta a kai, alhali kamata ya yi in sa wadda ba a cike ba, in adana ta ainihin a wani wuri dabam. Da a ce na yi amfani da sunan aro ma da sai na yi hattara, domin wanda ya kira Fatima da Binta ko A'isha da Indo bai ɓoye kowa ba, wanda kuma ya ɗauko suna kara-zube yana iya jingina labarin ga wata 'yar ajin mai wannan sunan.

Sai shagon buga takardu. Rubutun farko yana cikin kwamfutarsu, kuma ta WhatsApp na tura wa yaron shagon, da sunan yarinyar na gaskiya a matsayin sunan fayil ɗin. Na koma na tsaya a kansa ya goge shi daga kwamfutar da wayarsa, na ƙone kwafin da aka ɗaure, na sake biyan kuɗin bugu. Wannan asarar ba ta dame ni ba kamar yadda ya dame ni cewa ba ni da tabbacin ko wani ya karanta kafin in koma.

Rubutu na biyu na ba wata malamar da ta taɓa riƙe ajin, wadda na amince da riƙon sirrinta, na ce ta faɗa mini wa take zato. Ta lissafo yara huɗu, tawa tana cikinsu, amma ta kasa tsayar da ɗaya. A kan haka na miƙa aikin. Abokiyar aikin nan da ta karanta na farko na roƙe ta ta riƙe abin da ta gani, ta kuma riƙe, sai dai ta riga ta sani, kuma wannan ba ni da yadda zan janye shi.