Tabbatar da 2ⁿ > n²: a wace lamba ake kafa tsanin?

Hanyar indakshan kamar hawan tsani take: ka nuna maganar ta tabbata a matakin farko, sannan ka nuna cewa in ta tabbata a k, dole ta tabbata a k + 1. Da na zo gwada ta a kan 2ⁿ > n², sai na fara da n = 1 kamar yadda aka saba. 2 ya fi 1, babu matsala. Amma hawa daga k zuwa k + 1 ya ƙi fitowa, duk yadda na juya shi.

Sai na koma na jera ƙananan lambobi. A n = 2 an yi kunnen doki, 4 da 4. A n = 3 maganar ta faɗi, domin 8 bai kai 9 ba. A n = 4 kunnen doki kuma, 16 da 16. Sai a n = 5 ne 32 ya wuce 25. Ashe abin da nake neman tabbatarwa ƙarya ne a wurare uku. Na mayar da tushe n = 5.

Ga yadda hawan ya kasance. Na ɗauka 2ᵏ > k² ga wani k ≥ 5, na ninka ɓangarorin biyu da 2:

2ᵏ⁺¹ = 2·2ᵏ > 2k²

Nan ne ainihin aikin yake. Zaton da na yi ya kai ni 2k² ne kawai, alhali (k + 1)² nake nema. Dole in cike tazarar da wata hujja dabam, wato 2k² ≥ (k + 1)². Da na buɗe baka na kwashe komai gefe guda, sai ta koma k² − 2k − 1 ≥ 0, ma'ana (k − 1)² ≥ 2. Wannan gaskiya ce ga kowane k daga 3 zuwa sama. Saboda haka 2ᵏ⁺¹ > 2k² ≥ (k + 1)², an gama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan 3 ɗin. Hawan yana aiki tun daga k = 3, amma a 3 da 4 babu tushen da za a taka. A n = 1 kuwa akwai tushe, amma hawan ba ya aiki, domin (1 − 1)² sifiri ne, bai kai 2 ba. Lamba ta farko da sharuɗɗan biyu suka haɗu a kanta ita ce 5. Da alamar ≥ aka yi tambayar, da daga 4 za a fara, tunda 16 = 16 ya wadatar.

Yanzu in na gama irin wannan hujja, nakan nemi layin da na yi amfani da sharaɗin k ≥ 5. In ban same shi ba, na san akwai kuskure a ɓoye, domin hujjar da ba ta dogara da girman k ba, za ta hau daga 1 ta tabbatar da n = 3 ma, alhali 8 bai fi 9 ba.