Inda na kai da kwaikwayon kesh: rigimar gurbi

'Yan'uwa masu koyon yadda kwamfuta ke aiki daga ciki, ƙaramar manhajar da nake rubutawa don kwaikwayon kesh ta fara ba da lissafin da zan iya tsayawa a kansa. Ga abin da na gani.

Kesh ƙaramar ma'ajiya ce mai sauri da ke cikin furosesa, tana riƙe kwafin abin da aka ɗauko daga babbar ma'ajiya. Abin da ya sa take da amfani shi ne halin manhajoji: abin da suka taɓa yanzu sukan sake taɓa shi ba da jimawa ba, kuma in sun taɓa wani adireshi, yawanci na kusa da shi ne zai biyo baya. Shi ya sa kesh ba ta ɗauko bayit ɗaya tak. Layi guda take kwasowa, wanda a yawancin kwamfutocinmu bayit 64 ne. Idan kana karanta jerin lambobi irin `double`, kowace bayit 8, rashi ɗaya, wato ka nemi abu ba ka same shi a kesh ba, zai kawo maka takwas, sauran bakwai ɗin ka same su a hannu.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce: layin da aka kwaso, ina za a ajiye shi? Na ɗauki kesh mai bayit 32768, wato gurabe 512 na layi. A tsarin gurbi ɗaya, kowane layi wurinsa ɗaya ne, ba shi da zaɓi: a raba adireshi da 64 a sami lambar layi, a raba lambar layin da 512, ragowar ita ce gurbinsa. A tsarin rukuni kuwa, ana haɗa guraben ne takwas-takwas, su zama rukunai 64. Adireshi ne ke zaɓar rukuni, amma a cikin rukunin layi na iya zama a kowane gurbi daga takwas ɗin. Zuciyar manhajar tawa ke nan:

```python
def duba(adireshi):
    layi = adireshi // 64
    r = rukunai[layi % len(rukunai)]
    samu = layi in r
    if samu:
        r.remove(layi)
    elif len(r) == gurabe:
        r.pop(0)
    r.append(layi)
    return samu
```

In ka sa `gurabe` ya zama 1 da rukunai 512, ka sami tsarin farko. In ka sa 8 da rukunai 64, ka sami na biyu. Idan rukuni ya cika, wanda ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba shi ake fitarwa.

Gwajin farko: jeri biyu, `a` da `b`, kowanne lambobi 4096, `b` ya fara daidai inda `a` ya ƙare, wato tazarar bayit 32768 tsakaninsu. Ina ninka `a[i]` da `b[i]` ina tarawa, karatu 8192 gaba ɗaya. Bisa ƙa'ida rashi 1024 ya kamata a samu, ɗaya cikin takwas, tunda a jere nake tafiya. Tsarin gurbi ɗaya ya ba ni rashi 8192. Ko samu ɗaya babu.

Ku bi shi a hankali ku ga dalili. `a[0]` ya shigo da layinsa gurbi na 0. `b[0]` ma lissafinsa gurbi na 0 ya nuna, sai ya kori layin `a`. Da aka zo `a[1]`, wanda ɗazun nan yana ciki, an riga an fitar da shi, sai a sake ɗauko shi ya kori na `b`. Haka za su yi ta korar juna, alhali a farkon tafiyar gurabe 511 na nan wayam. Kamar mai cajin waya ne da ya ce kowace waya sai a soket ɗin da ya dace da ƙarshen lambar mai ita: mutum biyu na jayayya a kan soket ɗaya, sauran allon babu kowa.

Da na matsar da `b` gaba da bayit 64 kawai, rashi ya sauko 1024. Da na mayar da shi inda yake na koma tsarin rukuni, 1024 ɗin dai na samu, ko da gurabe biyu ne a rukuni, domin layukan biyu sun sami wurin zama tare.

Kada dai ku ɗauka rukuni ya kashe matsalar. Ya ɗaga mata ƙafa ne kawai, kuma gwaji na biyu shi ya fi koya mini abu. Rukunai 64 sau bayit 64 ya ba da 4096, saboda haka duk adireshin da ke da tazarar 4096 tsakaninsu rukuni ɗaya suke faɗawa. To ɗauki teburin lambobi 512 a kwance, 512 a tsaye. Kowane sahu bayit 4096 ne cif. Idan ka bi shi sahu-sahu, rashi 32768 ne cikin karatu 262144. Idan ka bi shi daga sama zuwa ƙasa, layuka 512 ne ke neman gurabe takwas na rukuni ɗaya. Kafin ka dawo sama don ginshiƙi na gaba, an daɗe da fitar da layin da kake buƙata. Rashi 262144, kowane karatu.

Maganin ya burge ni. Na ƙara wa kowane sahu lambobi 8 na banza, ya zama 520, wato layuka 65 maimakon 64. Yanzu kowane sahu yana gocewa rukuni ɗaya gaba da na samansa, layuka 512 suka bazu takwas-takwas a rukunai 64, rashi ya koma 32768. A manhajar kwaikwayo ya shiga daidai wa daida. A injin gaske ba zai yi kyau haka ba, domin akwai wasu bayanan da ke neman wuri su ma, kuma furosesa na da ɓangaren da ke hasashen abin da za a nema ya riga ɗauko shi, wanda kan ɓoye wani sashe na jinkirin.

Yaya za ka gane rigimar gurbi ce ke damunka ba ƙarancin wuri ba? Mark Hill ne ya kasa rashi gida uku: na dole, lokacin da aka fara taɓa layi; na ƙarancin wuri; da na karo. Hanya mai sauƙi ita ce ka sa rukuni ɗaya mai gurabe 512, inda layi zai zauna ko'ina. Rashin da ya ɓace, na karo ne. Wata alamar kuma, in girman teburi 512 ko 1024 ya fi 520 ko 1030 jinkiri, to adireshi ne ke cin karo.

Wani zai ce me ya hana a yi duk kesh haka, kowa ya zauna inda ya ga dama? Tsada ce. A tsarin gurbi ɗaya alama ɗaya ake dubawa a san ko layin da ake nema ne ke ciki. A rukuni mai takwas sai an gwada alamomi takwas a lokaci guda, ga kuma riƙe lissafin wanda ya fi daɗewa, duk wannan wuta ce da fili da lokaci. Shi ya sa furosesa da yawa na Intel da AMD suka tsaya a gurabe takwas a kesh ɗin bayanai na matakin farko mai bayit 32768.

Mai Linux na iya duba nasa, ya kuma gwada manhajarsa ta C a tsarin da ya ga dama:

```
getconf LEVEL1_DCACHE_ASSOC
valgrind --tool=cachegrind --cache-sim=yes --D1=32768,1,64 ./gwaji
```

Lambar tsakiya ita ce yawan gurabe a rukuni, ku sauya 1 zuwa 8 ku kwatanta. Ku tabbata jerin ya fara a adireshin da 64 ke rabawa, in ba haka ba lissafinku zai ɗan saɓa da nawa. Abin da ke gabana yanzu shi ne rubutu, domin manhajar tawa karatu kaɗai ta sani: sai na ƙara wa kowane layi alamar cewa an canza shi, don a mayar da shi babbar ma'ajiya kafin a fitar da shi.