Yadda na tantance wani kamfanin rance da ya nemi kafin alƙalami

Na nemi rancen 500,000 domin ƙara jari, na cike fom a wani talla da na gani a intanet. A ranar aka turo min saƙo cewa an amince, za a ba ni kuɗin in biya cikin wata 24. Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne ba wanda ya tambaye ni nawa nake samu a wata, ko akwai wani bashi a kaina, ko ina da mai tsaya min. Duk mai ba da bashi na gaskiya babbar damuwarsa ita ce ko kuɗinsa za su dawo, shi ya sa yake neman takardar shige da ficen asusu yana bin ta layi-layi. Wanda ya amince maka bai san ko za ka iya biya ba, to ba dawowar kuɗi yake jira ba, don bai yi niyyar fitar da ko kwabo ba.

Sai sharaɗin ya biyo baya: in tura kashi 4 cikin ɗari, wato 20,000, a matsayin kuɗin inshora, kafin a saki rancen. An haɗo da takarda mai hatimi da lambar lasisi, kyakkyawa ƙwarai.

Na rubuta wa jami'in nasu cewa: “Ranka ya daɗe, na yarda da kuɗin inshorar. Ku cire shi daga cikin rancen, ku turo min 480,000.” Ya ce tsarinsu ba ya ba da damar haka, wai kamfanin inshorar daban yake, kuma idan ban biya kafin yamma ba za a ba wani gurbina. Wannan tambaya ita ce gwajin da na fi yarda da shi. Bankuna da kamfanonin rance na gaskiya su ma suna karɓar kuɗin aiki, amma galibi daga cikin rancen suke cirewa, ko su raba shi cikin biyan wata-wata, kuma yana rubuce a yarjejeniya kafin a sa hannu. Wanda yake riƙe da 500,000 da zai ba ka, cire 20,000 ba zai gagare shi ba. Ɗan damfara ne kaɗai ba zai iya ba, domin babu abin da zai cire daga ciki.

Ba kowane kuɗin farko ne damfara ba, kada in yi wa masu gaskiya kuɗin goro. Mai neman rancen gida, alal misali, yakan biya kuɗin ƙiyasta darajar gidan tun kafin a yanke hukunci. Bambancin shi ne wannan kuɗi ladan wani aiki ne da ake gani, ana biyan sa a asusun kamfani a karɓi rasit, kuma ba wanda zai yi maka alkawarin cewa biyan sa ya tabbatar da rancen. Nawa kuwa an ce an riga an amince, kuɗina kawai ake jira.

Na shigar da lambar asusun da suka ba ni a manhajar bankina kamar zan tura, don kawai in ga sunan da zai fito. Sunan wani mutum ne ya fito, ba na kamfani ba. Da na tambaya sai aka ce ai akantansu ne. Kamfani mai lasisi ba ya karɓar kuɗin abokan hulɗa ta aljihun ma'aikaci, haka nan ba ya neman a biya shi da katin kyauta ko kuɗin kirifto.

Daga nan na koma kan lasisin, kuma nan ne na fi ƙaruwa. A yawancin ƙasashe akwai hukumar da ke ba masu ba da rance izini, ko babban banki ko wata hukumar kula da harkar kuɗi ko ta kare masu sayayya, kuma tana wallafa jerin sunayen waɗanda ta amince da su. Ban taɓa mahaɗin da suka turo min ba. Da hannuna na nemo shafin hukumar na buɗe jerin. Ga mamakina sunan kamfanin yana nan, lambar lasisin ma daidai take. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su tura kuɗi.

Amma jerin bai tsaya ga suna ba, yana ɗauke da adireshi da lambar waya da shafin intanet na kamfanin. Da na jera su kusa da abin da aka turo min, sai na ga lambar wayar daban ce, adireshin shafin kuma an ƙara masa kalma ɗaya a ƙarshe. Wato kamfanin na gaske ne, masu yi min magana ne suka ari sunansa da lasisinsa. Hukumar FCA mai kula da harkar kuɗi a Birtaniya ta daɗe tana gargaɗi kan irin wannan sojan gona, har tana wallafa sunayen waɗanda ta gano. Na kira lambar kamfanin da ke jerin da na buɗe na karanta musu lambar takardar da aka ba ni. Matar da ta ɗauka ta ce ba su da wannan takarda, ba su da ma'aikaci mai wannan suna, kuma ba sa karɓar komai kafin su ba da rance.

Na kuma duba shekarun shafin nasu a lookup.icann.org, inda ake rubuta adireshin shafi a ga ranar da aka yi masa rajista. Shafin da ke iƙirarin shekara da shekaru yana aiki bai cika wata biyu da buɗewa ba. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshin ba ta rufa musu asiri ba, don ita tana nuna an ɓoye saƙon da ke tsakaninka da shafin ne kawai, kuma kowa na iya samun ta kyauta. Takardar rajistar kamfani ma ba lasisin ba da rance ba ce, abu biyu ne mabambanta, kuma 'yan damfara sun san mutane na rikita su.

Wani abokin sana'ata ya taɓa biyan irin wannan kuɗi, shi ya ba ni labarin abin da ke biyo baya. Bayan inshora sai su nuna maka kuɗin a shafinsu kamar sun shigo, su ce ka yi kuskure a lambar asusu an daskarar da su, sai ka biya a buɗe. Daga nan haraji, daga nan kuɗin tura kuɗi, kowane ya fi na baya, kai kuma kana ganin idan ka tsaya na farko sun tafi a banza. Da ya daina, sai ga wani ya kira shi yana cewa zai ƙwato masa kuɗinsa idan ya biya lada tukuna. Su ɗin ne dai, ko waɗanda suka sayar wa lambarsa.

Ni ban tura kuɗi ba, amma na riga na ba su suna da lambar waya a fom, don haka na sanar da bankina, na ƙi ba da duk wata lambar sirri da aka nema ta waya. Na ɗauki hoton hirar da takardar da lambar asusun, na aika wa hukumar da kuma kamfanin da aka ari sunansa. Wanda ya riga ya tura kuwa, ya fara kiran bankinsa nan take ya nemi a tsayar da kuɗin, domin 'yan damfara kan kwashe su cikin ɗan lokaci kaɗan, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda da waɗannan hujjoji a hannu.