Wa ya ƙi raba takin?

'Yar ƙanena ta kawo mini babin farko na kundin digirinta in duba. A layi na uku na ci karo da wannan: "Rashin samar da ingantaccen tsarin rarraba takin zamani ya haifar da raguwar yawan amfanin gona." Ina karantawa kunya ta kama ni, domin irin jimlolin nan ne suka cika nawa kundin.

Abin da muke yi shi ne mu kama aikatau mu mayar da shi suna. "Sun rarraba" ya koma "rarrabawa", "ya ragu" ya koma "raguwa", "ba su samar ba" ya koma "rashin samarwa". Da ka yi haka, mai aikin ya ɓace, lokaci ma ya bi shi, tunda "sun" da "za su" da "suna" ne ke ɗauke da su.

Ranar kare kundina, malamin da ya zo daga waje ya karanta wata jimlata, ita ma a kan taki, da ƙarfi, numfashinsa ya ƙare bai kai aya ba. Ya cire tabarau ya ce, "Malam, wa ya ƙi raba takin?" Na yi tsuru-tsuru. Wallahi ban sani ba. Wata shida ina yawo a ƙauyuka ban taɓa tambaya ba, saboda jimlar tawa ba ta neme ni da amsa ba.

Amma a yi mini adalci, haka muka tarar manya na rubutu, kuma dabarar tana da ranarta. In ka ce, "Manoma sun bar gero sun koma masara," sai ka ɗora da "Wannan sauyin ya ƙara musu buƙatar taki," kalma ɗaya ta ƙunshe jimla guda, ka wuce gaba. Laifina shi ne na riƙa ƙunshewa tun ban baje kayan an gani ba. Wani lokacin ma da gangan, don kada in kama sunan kowa.

Na ce mata, "Ke, ƙirga -n da -r ɗin da kika jera. In sun kai huɗu ba ki iso aikatau ba, ki farfasa jimlar. In aikatau ɗinki kullum 'haifar da' ne ko 'gudanar da', to na gaskiyar yana ɓoye cikin sunayen, ki tono shi. Rubuta: dillalai ba su kawo taki ba sai da damina ta yi nisa, masara ta yi ja."

Ta ce, "Baffa, ai wannan kamar hira ce, malaminmu zai ce ba ilimi." Yaran yanzu ke nan, ba su karanta abin da suka rubuta ko sau ɗaya, amma sun san abin da malami zai ce. To, ta yiwu da gaskiyarta. Na ce ta bar masa biyu-uku a gabatarwa, sauran ta je ta binciko mini ko dillalan ne da gaske.