Laraba: taƙaitaccen bayanin Auta

Ƙarfe goma ta wuce, amma maganar Auta ta hana ni barci.

Bayan la'asar ta zo da takardarta ta neman tallafin bincike. Jibi za a rufe karɓa, kuma kalma 250 kacal aka yarda a taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko. Jimlarta ta farko kaɗai ta cinye 70. Sau uku na karanta, ban gane me za ta yi ba, ban kuma ga wanda zai yi ba. Ko'ina "za a duba", "za a yi nazari".

Na kife takardar na ce, "Manta da Turancin. Faɗa mini da Hausa, kamar Inna kike yi wa bayani."

Nan take ta ce so take ta gano wane ma'aji ya fi kare wake daga ƙwaro cikin wata 6: buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka mai murfi, ko buhun da aka saba. Na ce to ga manufarki, jimla ɗaya. Muka mayar da ita Turanci yadda ta faɗa. Duk inda ta sa "fahimta" muka cire, muka sa aikin da ake iya aunawa: ƙirga ƙwayar da ta huje cikin 100, auna nauyin da ya ragu, gwada nawa za su tsiro.

Sai muka zo kan hanyar aiki. Na ce kowace jimla ta faɗi wa zai yi, me zai yi, sau nawa. Ta rubuta cewa za ta buɗe kowane ma'aji bayan wata 2 da 4 da 6 ta ɗebi wake. Tana gama rubutawa ta yi shiru. Ai rashin iska ne ke kashe ƙwaron. Ranar da ta kwance bakin ledar, iska ta shiga, awon gaba ya lalace. Dole kowane ma'aji a buɗe shi sau ɗaya tak. Iri 3, huɗu-huɗu, lokaci 3, ya kama 36 ke nan. A kasafinta 12 ta sa. Wata biyu wannan kuskuren yana kwance a ƙarƙashin "za a riƙa ɗibar samfur lokaci-lokaci", ba wanda ya gan shi.

Tuwon dare ya huce. Baban su Ummi ya leƙo sau biyu.

Da za ta tafi ta ce, "Yaya, idan na rubuta shi a sauƙaƙe haka, ba za su ce ban yi karatu ba?" Na ce mata a'a, amma da gaggawa na faɗa, ina neman mayafina. Yarinyar nan ta san wake fiye da ni nesa ba kusa ba, kuma wani ya koya mata ta ɓoye saninta a bayan manyan kalmomi. Abin ya tsaya mini a rai.

Na tura mata saƙo ta gyara kasafin kafin ta kwanta. Har yanzu ba ta buɗe ba.