Wa zai zauna a ɗakin ranar gwajin manhaja?

Aikina sayar da manhajar tafiyar da makaranta ne a Gombe, irin wadda ke riƙe rajistar ɗalibai, ta lissafa kuɗin makaranta, ta fitar da sakamakon ƙarshen zango. Yawancin masu sayenmu makarantu ne masu zaman kansu, daga Tumfure zuwa Pantami da Jekadafari. Babu mai makarantar da zai biya kuɗin abin da bai gani da idonsa ba, don haka kowane ciniki sai ya bi ta zaman gwaji, inda muke kunna manhajar a gabansu su ga yadda take aiki. Kafin zaman kuma akwai imel ɗin da muke turawa, mu ba da lokaci, mu tambayi wanda zai halarta daga wajensu. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, rabin cinikin yana ƙarewa a wannan tambaya, tun kafin a buɗe kwamfuta.

Idan ka rubuta wa mai makaranta cewa ta sanar da kai waɗanda za su halarta, ka tsaya a nan, amsar da za ta zo ɗaya ce daga biyu. Ko dai ta ce ita kaɗai za ta gani, ko ta haɗa ka da malamin kwamfuta, tunda a ganinta abin na kwamfuta ne. Duka biyun ba su kai ka ko'ina. Mai makaranta ita ke sa hannu a kuɗi, amma ba ita ke rubuta rasit ba, ba ta san wahalar daidaita alat na banki da sunan yaro ba. Za ta kalla, ta yaba, ta ce za ta tuntuɓi mutanenta. Su kuma mutanen ba su gani ba, kuma mutum ba ya goyon bayan abin da aka yanke a bayan idonsa, musamman idan abin zai taɓa teburinsa. Malamin kwamfuta kuwa zai fahimci komai cikin minti goma, ya yi tambayoyi masu kyau, amma ba shi da ikon sayen ko da takardar firinta.

Laifin ba nasu ba ne. Ba su taɓa sayen irin wannan abu ba, to ta ina za su san wanda ya kamata ya gani? Mu da muke girka manhajar a makarantu mu muka san hannun da za ta bi. Saboda haka a imel ɗin, ni nake fara ambaton muƙamai, kowane da dalilinsa, sannan in bar wa mai makaranta hukunci.

Ga misalin wata makaranta mai firamare da ƙaramar sakandare a wajen Tumfure. Mun riga mun yi magana da Hajiya mai makarantar ta waya, ta ce babban abin da ke damunta shi ne ba ta sanin adadin bashin da ke kan iyaye sai zango ya kusa ƙarewa. A kan wannan koken na gina saƙon, na sa masa take: Gwajin manhajar kuɗin makaranta, Talata ko Laraba. Cikinsa kuma ga abin da na rubuta.

"Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, barka da aiki. Bisa maganar da muka yi kan bibiyar bashin kuɗin makaranta, ina neman izini in zo in nuna yadda manhajarmu ke fitar da sunayen masu bashi aji-aji a kowace rana. Zaman ba zai wuce minti 40 ba. Ina da Talata ƙarfe 2:30 na rana, ko Laraba ƙarfe 10:00 na safe, a ofishinki. In babu wanda ya dace, ki zaɓi naki. Idan kin amince, zai yi amfani akanta ya zauna, don shi zai riƙa shigar da kuɗi kullum. Haka ma malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa, ko da na minti 10 na ƙarshe ne. Wa kike ganin ya kamata a ƙara, musamman wanda za a nemi ra'ayinsa kafin a yanke shawara? Zan zo da kwamfutata da datata, ba sai an tanadi komai ba."

Gajere ne da gangan, domin a waya za a karanta shi, tsakanin mahaifi mai koke da malami mai neman izini. Na ba da lokaci biyu saboda wanda aka ce wa "duk lokacin da ya yi miki" sai ya buɗe kalanda ya yi tunani, kuma mai aiki da yawa yakan ajiye tunanin sai gobe. Lokutan ma ba haka kawai na ɗauko su ba. Biyu da rabi an tashi yara, an yi Azahar, akanta ya rufe taga. Goman safiyar Laraba kuwa an wuce hayaniyar taron safe da ta Litinin. Juma'a ba na sa ta ko kaɗan. Makon farko na zango akanta ba ya ɗaga kai saboda layin iyaye, makon jarrabawa kuma mai haɗa sakamako ba zai saurare ka ba. A watan azumi nakan dawo da komai safe.

Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce ta wanda za a nemi ra'ayinsa kafin a yanke shawara. Ba za ka tambayi babbar mace kai tsaye ko ita ke da ta cewa a makarantarta ba, wannan rashin ladabi ne. Amma a makarantunmu sau da yawa akwai wani a gefe: mai gida da ya sa jari, ɗa da ke aiki a Abuja yana duba lissafi daga nesa, ko kwamitin amintattu idan makarantar ta ƙungiya ce. Tambayar a wannan siga tana ba ta damar fito da shi ba tare da an taɓa girmanta ba. Hajiya ta amsa da cewa ƙaninta ne ke duba mata asusun banki, yana Bauchi. Sai muka shirya ya shigo ta Google Meet, muka tsayar da Laraba.

Bari in tsaya kan akanta, domin shi ne mutumin da na fi damuwa da shi a ɗakin. Manhajar kuɗi tana shigowa ne daidai wurin da ya shekara yana riƙewa da littafi da Excel. Ko mai gaskiya ne tsantsa, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an kawo mai sa ido a kansa, ko an fara neman hanyar sallamarsa. Idan bai ji maganar ba sai bayan an biya, ba zai yi musu ba. Zai ci gaba da littafinsa, ya riƙa shigar da kuɗi a manhajar sau ɗaya a mako, lissafi ya riƙa saɓawa, bayan zango ɗaya a ce manhajar ba ta aiki. Shi ya sa nake son sunan muƙaminsa ya fito a imel ɗin farko, kuma dalilin da na rubuta ya zama na girmamawa, cewa shi ne mai aikin.

Bayan Hajiya ta amince, na nemi izininta na kira shi. Na ce, "Malam, wace irin biya ce ta fi ba ka wahala?" Ya ce mahaifi mai yara uku, ana yi wa na ukun ragi, ya turo rabin kuɗin daga asusun wani abokinsa, ya kawo wani abu a hannu, sauran sai an yi albashi. Ranar gwaji da wannan na fara. Na ƙirƙiri gida mai yara uku, kowanne naira 45,000, na ukun da ragin 5,000, jimla 130,000. Na shigar da 65,000 da aka turo da sunan wani daban, na liƙa ta ga gidan, sannan na miƙa masa kwamfutar ya shigar da 20,000 na hannu da kansa. Allon ya nuna saura 45,000, rasit ya fito. Daga nan tambayoyin duk daga bakinsa suka riƙa fitowa: in an yi kuskure wa ke da ikon gyarawa, gyaran yana barin alama, in babu sabis fa? Ƙanin Hajiya ya tambayi ko zai iya ganin rahoton daga Bauchi. Waɗannan su ne tambayoyin mutanen da suka fara hango abin a kan teburinsu.

Ƙirƙirarrun sunaye na yi amfani da su, kuma haka nake yi kullum. Wasu makarantun da zarar ka nemi misali sai su turo maka rajistar gaske, da sunayen yara da lambobin iyayensu. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma ko babu doka, bayanan 'ya'yan mutane amana ne, bai kamata su zauna a kwamfutar ɗan talla da ba a ƙulla komai da shi ba. Nakan ce a ba ni tsarin kuɗin aji-aji da hoton rasit marar rubutu, sun isa.

Amsar da aka ba tambayar halarta takan gaya maka inda ka tsaya. Wanda ya dawo da muƙamai, har ya ce wane ba ya nan Talata a mayar Laraba, da gaske yake. Wanda ya ce ka turo farashi kawai, yawanci yana tara takardu ne don kwatantawa, ko ya riga ya zaɓi wani. Nakan tura masa iyakar farashin, daga kaza zuwa kaza gwargwadon yawan ɗalibai, in sake miƙa zaman na minti 20. Akwai kuma mai cewa duk malamai za su halarta. Wannan yana kama da nasara, amma mutum ashirin a ɗaki taro ne. Akanta ba zai faɗi matsalar kuɗi a gaban malaman aji ba, ƙananan ma'aikata kuma ba za su yi magana a gaban mai makaranta ba. A irin wannan nakan roƙi a fara da mutum uku ko huɗu, malamai a ware musu ranarsu idan an zo horarwa.

Imel shi kaɗai ba ya isa a nan. Adireshin makarantu da yawa wani ne ya buɗe shi lokacin rajistar WAEC ko NECO, ba a leƙa shi sai jarrabawa ta taso. Don haka da na tura sai in bi da saƙon WhatsApp mai layi biyu, cewa na aika bayani ta imel, ga ranakun nan biyu. Amfanin imel ɗin shi ne ana iya tura shi ga ƙani ko kwamiti yadda yake, kuma yana nan a rubuce idan an manta abin da aka tsayar. Abu ɗaya da ba na yi shi ne sa akanta ko shugaban makaranta a CC, wato cikin waɗanda ake tura wa kwafin imel ɗin, kafin mai makarantar ta ambace su da kanta. A wurinmu wannan tsallake babba ne, kuma yana iya rufe ƙofar gaba ɗaya.

Idan ranar ta zo aka ce akanta ya tafi banki, ba na ci gaba kamar ba komai. Nakan nuna wa mai makaranta ɓangarenta, wato rahoton bashi da na kuɗin da suka shigo a rana, cikin kwata ɗaya na awa, in bar shigar da kuɗi ba tare da na taɓa ba. Kafin in tashi sai mu tsayar da ranar da zan dawo don shi, in tura tabbacin ta imel da yammar nan.