Laraba: babi guda, silaid takwas

Hajiya ta ba ni minti ashirin a taron bita na masu aikin sa-kai na lafiya da za mu yi ranar Asabar, kuma so take in fitar da jawabin daga rahoton NDHS na 2018, binciken nan na lafiya da yawan jama'a da Hukumar Kidaya ta Ƙasa ta gudanar. Akwai sabo na 2023 zuwa 2024, amma ta ce wannan na zama na gaba ne, a fara da tsohon tukuna don a samu abin kwatanci. Rahoton ya haura shafi 700. Da safe na yanke hukuncin farko, wanda shi ne mafi sauƙi: babi na 11 kaɗai zan taɓa, na abincin yara da mata. Minti ashirin kuma, in ana ba kowane silaid minti biyu ko fiye kaɗan, ba zai ɗauki abin da ya wuce silaid takwas ba.

Inda na daɗe shi ne wajen kanun silaid. Kanun da ke cikin rahoto sunayen batutuwa ne kawai, amfaninsu mai karatu ya gane inda zai buɗe. In na fassara ɗaya na ɗora a saman silaid, "Yanayin abincin yara", mutumin da ke zaune a bayan ɗaki bai ƙaru da komai ba, sai ya jira in yi bayani. Don haka kowane sashe na karanta sai in tambayi kaina: in an ce jimla ɗaya tak za su tafi da ita gida daga nan, wacce ce? Wannan jimlar ita ce kan silaid. A sashen tsumburewa ta zama "Yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure". Tana da aikatau, tana da adadi, ana iya gaskata ta ko a musanta ta. Sunan batu kuwa babu mai musanta shi, domin bai ce komai ba.

Da kan ya tsaya, zaɓen layukan ɗigo ya zo da sauƙi, don aikinsu ɗaya ne, su tallafa wa abin da kan ya faɗa. A ƙarƙashin wancan na sa biyu: a karkara 45 cikin 100 ne, a birni 27. Na so in ƙara alkaluman shiyyoyi a nan, sai na ga ai wannan magana ce mai zaman kanta. Arewa maso Yamma tana da 57 cikin 100, Kudu maso Gabas 18. Tazara irin wannan ba a ɓoye ta a layi na uku, inda ido ba ya kaiwa. Sai na ɗaga ta ta zama kan silaid na gaba, "A Arewa maso Yamma fiye da rabin yara ne", jihohi suka sauko ƙarƙashinta: Kebbi 66, Jigawa 64, sai Anambra mai 14 don a ga ɗaya gefen. Dokar da na bi har yamma ke nan. Duk layin da na ji ina son in tsaya in yi minti guda ina bayani a kansa, ya fi ƙarfin ɗigo, kai ne. Duk kan da na rasa abin sa wa a ƙarƙashinsa kuma, wataƙila ɗigo ne na wani silaid.

Wajen ƙarfe ɗaya abokin aikina da muke ofis ɗaya ya leƙo, ya ga babu silaid na yadda aka yi binciken.

"Malama, ina hanyar bincike? Ai da ita ake farawa."

"A rahoto da ita ake farawa, Malam. Waɗannan mata gida-gida za su shiga, ba jarrabawa za su rubuta ba."

Bai gamsu ba, kuma yana da hujja: in wata ta tambaya me ake nufi da tsumburewa, ko daga ina adadin ya fito, me za a nuna mata? Sai muka raba gardama. Ma'anar a fannin awo, wato tsayin yaro gwargwadon shekarunsa ya gaza ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da fiye da mataki biyu, ta tafi wurin Notes da ke ƙasan silaid, inda ni kaɗai ke gani. A kan silaid ɗin na rubuta "tsayinsa bai kai na sa'anninsa ba", kuma kowane silaid mai adadi na sa masa ɗan ƙaramin layi a ƙasa da sunan binciken da shekararsa. Shekarar nan dole ce. Silaid yana yawo a WhatsApp shi kaɗai ba tare da mai jawabi ba, kuma adadin 2018 da ba shi da shekara gobe za a ɗauka na bana ne.

Akwai abin da gajartawa ke cinyewa in ba a kula ba, shi ne su waye aka ƙirga. Shayar da nonon uwa zalla 29 cikin 100 ne, amma na jarirai 'yan ƙasa da wata shida. Tsumburewa kuma ta 'yan ƙasa da shekara biyar ce. In aka jera su a silaid ɗaya, kowanne da "yara" kawai a gabansa, an haɗa kaso biyu da tushensu daban. Gara layin ya ɗan yi tsawo da in yanke masa shekarun.

Aikin na'ura bai ci lokaci ba. A Word na rubuta tsarin, kowane kai na ba shi salon Heading 1, kowane ɗigo Heading 2. Na rufe fayil ɗin, na buɗe PowerPoint, na bi Home, New Slide, Slides from Outline, silaid ɗin suka jeru da kansu. Rubutun da aka bari a salon Normal ba ya shigowa, kuma hakan ya yi mini daidai, don a nan na ajiye dogon bayani. Gyaran matsayi a Outline View na yi shi: Tab yana sauko da layi mataki ɗaya, Shift+Tab yana ɗaga shi har ya zama kan sabon silaid. Sai mutum ya sa ido a kan girman haruffa, domin in rubutu ya yi yawa PowerPoint matse shi yake yi ba tare da sallama ba. Da na ga silaid na shida ya sauko ƙasa da 24, na san layi ne ya yi yawa, na cire ɗaya. Haruffanmu masu lanƙwasa ma sai da na duba su, don a salon rubutun da na fara zaɓa ƙ da ɗ sun fito da wata siffa daban da ta 'yan uwansu.

Bayan la'asar na danna Collapse All, ɗigo duk suka ɓuya, kanu takwas kaɗai suka rage, na karanta wa Hajiya su a jere da babbar murya. Ta tsayar da ni a na biyar.

"Daga ina matsalar ta fi tsanani kin tsallaka zuwa shayarwa. Me ya haɗa su?"

Gaskiya ce, akwai rata a wurin. Abin da ya ɓace shi ne lokacin da tsumburewa ke kama yaro, daga ciki zuwa shekara biyu, kwanaki dubu na farko, wanda shi ne dalilin da ya sa maganar shayarwa da abincin yaye ta biyo baya. Ba ni da gurbin silaid na tara, don haka na haɗe biyun ƙarshe, na ba wannan wuri na biyar. Gobe zan gwada a majigin ɗakin taron in ga ko ana iya karanta layin shekarar daga kujerun baya.